Ƙorafi a kan mai kula da sito: abin da muka tace daga hirarku da takardar da za a miƙa

Garwa, Kamaru, Litinin 26 ga Mayu 2025

Ƙanwarmu, barka da aiki. Mun karanta saƙonnin WhatsApp da kika turo mana daga zaurenku na 'yan ofis. Ƙorafinki yana da tushe, kuma za mu tsaya miki a kansa. Sai dai idan aka kai shi yadda yake, shugaban ma'aikata ba zai ga komai a ciki ba sai gulma, mutumin da kike ƙara kuma zai sami ƙofar fita. Ga maganganun da yadda muka mayar da su, takardar kuma tana ƙasa.

An rubuta: "Sarkin Makara kullum sai rana ta take yake zuwa." Laƙabin ya fita, za a kira shi da muƙaminsa. "Kullum" ma ta fita, domin rana guda da ya zo a kan lokaci ta isa ta ƙaryata ki. Mun duba littafin mai gadi na bakin ƙofa, mun sami ranaku uku: 5, 8 da 12 ga Mayu. Jimlar ta koma: "Ranar Litinin 5 ga Mayu an buɗe sito da ƙarfe 8:50, alhali lokacin fara aiki 7:30 ne." Ki lura mun ce an buɗe sito, ba mu ce ya makara ba. Abin da idonki ya gani ƙofa ce a rufe. Wataƙila an aike shi wani wuri da safen, wannan shi zai faɗa. Wata a zauren ta ƙara da cewa ranar 20 ga wata ma bai leƙo ba. Ranar bikin ƙasa ce, babu wanda ya zo aiki. Da wannan ta shiga takarda, da ita kaɗai za a riƙe a yi watsi da sauran.

Maganar shinkafa ita ce mai nauyi, kuma ita ce mai haɗari gare ki. An rubuta: "Ɓarawo ne, kowa ya sani, buhuna yake sulalewa da su." A nan an cakuɗa abu uku: abin da takarda ta nuna, abin da ake zato, da hukunci. Na farkon ne kaɗai naki. Takardar fitar da kaya mai lamba 0417 ta ce buhu 40, wanda aka kai wa kayan ya sa hannu a kan 38. Saura biyu. Ina suka shiga? Ba ki gani ba. Tsakanin sito da shago akwai masu lodi, akwai direba, akwai wanda ya ƙirga a can. Idan kika rubuta sata, kin ɗora wa kanki nauyin kawo hujjar sata, kuma dokar hukunta laifuka ta 2016 ta tanadi hukunci ga ɓata suna a sashe na 305, da kai ƙarar ƙage a sashe na 304. Idan kika rubuta 40 da 38 da lambar takarda, nauyin bayani ya koma kan wanda ya sa hannu a fitar da kayan. Shi ya sa kalmar sata ba ta bayyana ko sau ɗaya a ƙasa ba, kuma don Allah kada ta fito daga bakinki ranar da aka kira ki.

Sabon babur ɗinsa, ginin da ake cewa yana yi, da zancen ƙarin aure, duk mun cire. Ba su shafi aiki ba. Haka zancen ƙabilarsa da wani ya jefo, wannan bai dace ba ko a hira.

"Ya ci mata mutunci kamar baiwarsa." Wannan gaskiya ce ta zuciya, amma mai karanta takarda bai san me aka ce ba. Mun sa kalmomin da ya furta kamar yadda kika maimaita mana, da wuri, da lokaci, da waɗanda ke tsaye. Da Hausa ya faɗa, saboda haka za a bar su da Hausa a fassarar Faransanci, a sa ma'anar a gefe. Da Fulatanci ya yi, da haka za a yi. Mun tuntuɓi shaidu biyun, dukansu sun yarda a ambace su. Na ukun da kika lissafa ya ce shigowarsa ke nan lokacin da maganar ta ƙare, bai ji kalmomin ba, don haka ba ya ciki.

Takardar da babu komai a kanta, wadda ya nemi ki sa wa hannu, a zauren an wuce ta da dariya. A wurinmu ta fi zancen makara muhimmanci nesa ba kusa ba, domin sa hannunki ne zai hau kan kayan da ba ki san adadinsu ba. Mun ba ta matsayinta. Ba mu ce yana so ya ɗana miki tarko ba, tun da ba mu san abin da ke ransa ba. Mun ce ya nema, kin ƙi, babu shaida. Faɗin cewa babu shaida ba ya rage ki, yana nuna ba ki ƙara gishiri.

Akwai abin da aka ce ya yi wa yarinyar da ke koyon aiki. Ke ba ki gani ba, ji kika yi daga wadda ita ma ji ta yi. Ba zai shiga takardarki ba. Wannan ba ya nufin mun raina zancen: idan gaskiya ne, sashe na 302-1 na dokar nan ya yi magana a kan matsa wa mutum da neman lalata. Amma ita ce mai haƙƙin faɗa, da bakinta, a lokacin da ta zaɓa. Ki gaya mata a keɓe cewa ƙofarmu a buɗe take, kuma ku daina yawo da sunanta a zaure.

"A kore shi kawai mu huta." Ba mai ƙara ke yanke hukunci ba. Hanyar da aka saba ita ce a ba shi takardar neman bayani ya amsa a rubuce. Dokar ƙwadago ta 14 ga Agusta 1992 ta hana mai kamfani cin tarar ma'aikaci, dakatarwa kuma ba ta wuce kwana takwas na aiki. Mun mayar da buƙatarki abubuwa huɗu da za a iya yi. Ga takardar.

Zuwa ga Shugaban Sashen Ma'aikata, reshen Garwa
Ta hannun wakilan ma'aikata
Daga mai rubuta takardun fitar da kaya

Batu: Ƙorafi a kan al'amura huɗu da suka faru tsakanin 5 da 22 ga Mayu 2025

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, ina sanar da kai al'amura huɗu da suka shafi aikina da na mai kula da sito. Abin da na gani ko na ji da kaina kawai na rubuta.

Na ɗaya, buɗe sito. Lokacin fara aiki ƙarfe 7:30 ne. An buɗe sito da 8:50 ranar Litinin 5 ga Mayu, da 9:10 ranar Alhamis 8 ga Mayu, da 8:35 ranar Litinin 12 ga Mayu. Makullin yana hannun mai kula da sito. A ranakun nan uku motocin rarraba kaya sun jira a harabar kamfani. Ranar 8 ga wata motar da za ta Marwa ta fita da 10:40 maimakon 8:30 da aka tsara. Lokutan suna cikin littafin mai gadi.

Na biyu, takarda mai lamba 0417. Ranar Laraba 14 ga Mayu na rubuta takardar fitar da buhu 40 na shinkafa mai kilo 25, mai kula da sito ya sa hannu. Kwafin da ya dawo ranar 15 ga wata ya nuna mai karɓa ya sa hannu a kan buhu 38. Ban kasance a wurin lodi ba, kuma ban san dalilin bambancin ba.

Na uku, maganar da aka gaya mini. Ranar Juma'a 16 ga Mayu, wajen ƙarfe 10:15, a ƙofar sito, na tambayi mai kula da sito game da bambancin nan. Ya amsa da ɗaga murya, da Hausa: "Ke wace ce da za ki tambaye ni? Banza kawai, koma teburinki." Direban motar Marwa da mai karɓar kuɗi suna wurin, kuma sun amince su ba da shaida. Na koma ofis ban mayar da magana ba.

Na huɗu, takarda marar rubutu. Ranar Alhamis 22 ga Mayu, wajen ƙarfe 3:00 na yamma, mai kula da sito ya kawo mini takardar fitar da kaya mai lamba 0452, babu sunan kaya, babu adadi, ya ce in sa hannu zai cike daga baya. Na ce ba zan sa ba sai an cike. Ya tafi da takardar. Mu biyu ne kawai a ofishin.

Ina roƙo a binciki bambancin da ke takarda 0417, a duba abin da aka yi da takarda 0452, a tunatar da kowa a rubuce cewa ba a sa hannu a takardar da ba a cike ba, kuma a saurare mu duka biyun a kan maganar 16 ga Mayu a gaban wakilin ma'aikata.

Na haɗa da kwafin takarda 0417 na fita da na dawowa, da kwafin shafuka uku na littafin mai gadi.

Na gode da kulawarka.

Mai rubuta takardun fitar da kaya, reshen Garwa
26 ga Mayu 2025

Ƙanwarmu, ki karanta ta layi layi. Duk inda kika ji ba haka ya faru ba, ko da minti biyar ne, ki faɗa a gyara kafin ki sa hannu, domin ke za a yi wa tambayoyi a kai. Gobe Talata za mu mayar da ita Faransanci, ki sa sunanki da lambar aikinki da hannunki. A buga kwafi uku: ɗaya na ofis, ɗaya namu, ɗaya naki. Kada ki bar teburin sakatare sai an buga wa kwafinki hatimi da kwanan watan karɓa, in ba haka ba ana iya cewa ba a ga takarda ba. Hotunan hirar zauren kada ki haɗa su, suna ɗauke da maganganun da za a iya juya muku. Kada kuma ki goge su, ki dai daina sa baki a zancen har a gama. Idan mako biyu suka wuce babu amsa, za mu sa batun a zamanmu da shugabannin kamfani, kuma doka ta ba mu damar kai shi gaban sufeton ƙwadago a nan Garwa.

Wakilan ma'aikata biyu na reshen Garwa