Wasiƙa daga ɗakin shan magani zuwa ga iyayen Maryam

Jidda, 14 ga Oktoba, 2024

Assalamu alaikum Malam Isa da Hajiya Rabi,

Da fatan kuna lafiya, ya ɗawainiyar yara? Na rubuto ne game da awon da muka yi wa 'yan aji biyar ranar Talatar da ta wuce. Maryam, mai shekara 10 da wata 2, tsayinta santimita 140, nauyinta kilo 41. In an raba nauyin da tsayin mita sau biyu, wato 41 ÷ (1.40 × 1.40), ana samun 20.9. Wannan lamba ita ce ma'aunin nauyi bisa tsayi, wanda likitoci ke rubutawa BMI.

Ga babban mutum lambar kaɗai ta isa a yi magana, amma yaro yana kan girma, jikinsa yana sauyawa shekara bayan shekara, kuma girman 'ya mace daban yake da na ɗa namiji. Shi ya sa ake kwatanta yarinya da sa'o'inta mata. A jadawalin da muke amfani da shi, na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, Maryam ta faɗo wajen mataki na 88. Ma'ana, da za a jera 'yan mata 100 masu shekarunta, lambarta za ta ɗara ta kusan 88 daga cikinsu. Ba makin jarrabawa ba ne, don na sha ganin iyaye suna murna da lambar da ta yi sama. Daga 5 zuwa ƙasa da 85 ake so. Daga 85 zuwa ƙasa da 95 nauyi ya ɗan yi yawa, daga 95 kuwa ƙiba ce. Maryam tana rukunin tsakiyar nan.

Kada hankalinku ya tashi, wannan ba gano cuta ba ne. Awon bai bambance kitse da tsoka, kuma yarinyar da ta fara alamun balaga da wuri takan haura sa'o'inta. Abin da nake roƙo shi ne ku kai ta cibiyar lafiya ta unguwarku da wannan takarda, likitan yara ya duba ta ya kwatanta da awonta na baya.

Kafin nan, don Allah Hajiya kada a rage mata abinci ko a ce ta yi ƙiba a gaban 'yan'uwanta. Sau da yawa a shekarunta abin da ake so shi ne nauyi ya rage saurin ƙaruwa, tsayi ya kamo shi. A fara da barin lemon kwalba da na kwali, ruwa ya maye gurbinsu, a kuma rage soye-soyen dare da shawarma, ga kowa a gidan ba ita kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na son yaro ya samu awa ɗaya ta guje-guje kullum. Na san zafin Jidda bai barin yara fita da rana, amma bayan Magariba ko a tsakar gida ne a bar ta ta yi tsalle da igiya.

Maryam ba ta ga sakamakon ba, mu kaɗai muka sani. Ina ɗakin shan magani daga Lahadi zuwa Alhamis har azahar, in kuna son mu zauna.

Taku,
Sista Halima, ma'aikaciyar jinyar makaranta