Takarda ga Sadiya kan gyaran rahoton wata da COALESCE da NULLIF

Assalamu alaikum Sadiya, barka da aiki.

Na duba rahoton cinikin watan jiya da ya tsaya miki ranar Litinin, kuma na ga inda matsalar take. Ba laifinki ba ne. Reshen Funtua da aka buɗe a ƙarshen wata bai karɓi oda ko ɗaya ba tukuna, don haka yawan odarsa sifili ne. Umarnin da kika gada yana raba kuɗin ciniki da yawan oda, da ya iso layin Funtua sai PostgreSQL ya ƙi, ya rubuto miki `ERROR: division by zero`. Layi ɗaya tak ya hana sauran rassa goma sha ɗaya fitowa. Da a SQL Server muke, `Divide by zero error encountered.` za ki gani, a Oracle kuma `ORA-01476`. SQLite shi ba ya tsayawa, NULL yake bayarwa ya wuce.

Maganin wannan gajere ne:

```sql
SELECT reshe,
       kudin_ciniki / NULLIF(yawan_oda, 0) AS matsakaici
FROM cinikin_wata;
```

NULLIF abu biyu yake karɓa. In sun zo daidai da juna ya ba da NULL, in sun bambanta ya maido da na farkon yadda yake. A Kano, inda oda ta kai 340, babu abin da zai canja. A Funtua sifilin zai koma NULL, kuma duk abin da aka raba da NULL, NULL ne. Rahoto zai fito cikakke, gurbin Funtua kaɗai zai zauna fayau. Haka ya dace, domin reshen da bai sayar da komai ba ba shi da matsakaicin ciniki.

Na ga a gwajinki kin sa `COALESCE(yawan_oda, 1)` kina mamakin yadda kuskuren bai tafi ba. Dalili shi ne COALESCE ba ruwansa da sifili. Aikinsa ya bi abubuwan da aka jera masa daga hagu zuwa dama, ya ɗauki na farkon da ba NULL ba. Sifili lamba ce cikakkiya, sai ya ɗauke ta ya miƙa, rabon ya sake faɗuwa. Kuma ko da ya yi aiki, mayar da sifili 1 dabara ce mai haɗari: reshen da aka shigar masa kuɗi aka manta ba a shigar da odarsa ba zai fito kamar oda ɗaya ce ta kawo kuɗin duka.

Inda COALESCE yake da amfani sosai shi ne teburin rasit. Abokin cinikin da ya zo da motarsa ya ɗauki takinsa, ba a rubuta masa kuɗin mota, gurbin yana nan babu komai. In kika haɗa `kudin_kaya + kudin_mota`, naira 450,000 da NULL za su ba ki NULL, sai rasit ɗin ya ɓace daga jimla ba tare da wani gargaɗi ba. Wannan ya fi kuskuren Funtua muni, don shi wancan aƙalla ya yi ihu. A nan mun san abin da gurbin yake nufi, ba a biya kuɗin mota ba ne, don haka ki rubuta `kudin_kaya + COALESCE(kudin_mota, 0)` hankalinki kwance. Haka nan SUM, in bai samu layi ko ɗaya da zai tara ba, NULL yake bayarwa, saɓanin COUNT da yake ba da 0. Shi ya sa a rahoton da muke haɗa teburin rassa da na oda ta LEFT JOIN za ki ga na sa `COALESCE(SUM(kudi), 0)`.

To amma ga abin da ya sa na zauna na rubuta miki takarda maimakon in gyara in yi shiru. Kada ki saba da zuba COALESCE da sifili a duk inda kika ga gurbi fayau. Kafin ki cike gurbi, ki tambayi kanki: babu ne, ko ba mu sani ba ne?

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan ramin a wurin da na yi aiki kafin nan. Rassa huɗu ne, ana neman matsakaicin buhunan da masu saye suka dawo da su. Uku sun aiko da 10 da 20 da 30, na huɗu bai aiko da komai ba saboda magatakardansu ya kwanta rashin lafiya. AVG yana tsallake NULL, don haka da na bar shi, 60 zai raba gida uku ya ba da 20. Ni kuwa na ga gurbi ya ɓata mini kyawun takarda, na cike shi da sifili. Aka raba 60 gida huɗu, aka samu 15. A taron wata aka yaba wa reshen da bai aiko da rahoto ba, aka ce shi kaɗai ne ba a dawo masa da buhu ko ɗaya ba. Da alƙalumansu suka iso bayan mako biyu, su ne suka fi kowa. Har yau ina jin nauyin ranar da na tashi gaban mutane na ce kuskuren daga hannuna yake.

Saboda haka a rahoton kashi cikin ɗari na kayan da aka dawo da su, ga yadda nake so ya kasance:

```sql
SELECT reshe,
       ROUND(100.0 * an_dawo / NULLIF(an_sayar, 0), 1) AS kashi
FROM cinikin_wata;
```

Ki lura ban naɗe shi cikin COALESCE ba. In manaja ya ga 0 a gaban Funtua zai ɗauka sun yi ciniki babu ƙorafi, alhali ba su fara ba. Ki kuma lura da `100.0`. A PostgreSQL da SQL Server, cikakkiyar lamba in an raba ta da cikakkiyar lamba ana yar da ɓurɓushin, `7 / 2` ya ba da 3. Ɗigon nan shi ke hana hakan.

In Alhaji ya ce ba ya son ganin gurbi fayau a takardar da za a buga, sai a rubuta masa kalma a wurin. Sai dai COALESCE yana son abubuwan da aka jera masa su zama iri ɗaya, PostgreSQL ba zai yarda ki haɗa lamba da 'babu ciniki' ba sai kin mayar da lambar rubutu da `CAST(kashi AS text)`. Wannan a matakin ƙarshe ake yi, bayan an gama duk lissafi.

Saura lambobin wayar dillalai. Wasu guraben NULL ne, wasu kuma an danna tazara kawai an adana, ido bai bambanta su amma COALESCE yana ɗaukar na biyun a matsayin rubutu. Nan ne su biyun suke aiki tare:

```sql
COALESCE(NULLIF(TRIM(waya), ''), waya_biyu, 'babu lamba')
```

A tsofaffin fayilolin ofis za ki ci karo da NVL na Oracle ko ISNULL na SQL Server ko IFNULL na MySQL. Kusan aikinsu ɗaya, amma abu biyu kawai suke karɓa, kuma kowanne da gidan da yake aiki. COALESCE da NULLIF suna cikin ƙa'idar SQL tun ta 1992, su za ki riƙa amfani da su.

Ki gyara umarnin, ki gwada shi a kan watan jiya da na shekaranjiya, ki tabbatar jimlar Kano da Zariya ba ta motsa ba. Sannan ki kira Gusau, don na ga gurbin kayan da aka dawo musu da su babu komai, kuma ban yarda sifili ba ne. In kin gama kafin La'asar ranar Laraba, ki kawo mu duba tare.

Na gode,
Malam Bashir