Jawabin Gabatar da Baƙo Mai Jawabi, Farfesa Abdalla Uba Adamu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma shugaban taro, shugaban sashe, malamaina, abokan aiki da ɗalibanmu, barkanmu da warhaka.

An ɗora mini nauyin gabatar da mutumin da da yawanmu muka fara sani a cikin jerin manazarta tun kafin mu taɓa ganin fuskarsa. Farfesa Abdalla Uba Adamu haifaffen Daneji ne a cikin birnin Kano, a shekarar 1956. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1979, ya kama aikin koyarwa a Jami'ar Bayero a 1980, sannan ya samo digirin digirgir a Jami'ar Sussex ta Ingila a 1988.

Abin da zai ba ɗalibanmu mamaki shi ne, ba da harshe ko adabi ya fara ba. Malamin kimiyya ne, kuma a fannin koyar da kimiyya ya zama farfesa a 1997. Bai tsaya nan ba. A 2012 ya sake hawa kujerar farfesa a fannin sadarwa da al'adu, shi ya sa ake yi masa laƙabi da farfesa biyu. Daga 2016 zuwa 2021 ya shugabanci Jami'ar Karatu daga Gida ta Ƙasa.

Amma ni abin da ya fi burge ni game da shi ba muƙami ba ne. A shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwa, masana da dama sun yi musu kallon hadarin kaji, ana ce da su adabin kasuwar Kano. Shi kuwa ya zauna ya karanta su, ya saurari marubutan, waɗanda da yawansu mata ne, ya shiga jarida ya yi muhawara a kansu. Haka ya yi wa finafinan Hausa da waƙoƙin zamani. Yau ɗalibi zai kawo wannan fanni a matsayin kundin digirinsa ba tare da an kore shi ba, kuma Malam yana cikin waɗanda suka share wannan hanya.

Laccar yau takenta "Adabin Hausa daga Rumfar Kasuwa zuwa Wayar Hannu". Labarin da a da ake haya a rumfa, yanzu marubuciya tana sakinsa babi-babi a WhatsApp ko Wattpad, masu karatu su biya ta waya. To wa ke tace rubutun? Ina makomar daidaitacciyar Hausa? Wa zai adana shi don masu bincike na gobe?

Malam zai yi minti arba'in, sai mu buɗe fagen tambayoyi. Ɗalibai, ku tanadi naku.

Allah ya gafarta Malam, bismillah, fage naka ne.