Sadiya, don Allah ina neman not ɗinki na sati na 6 da na 7

Salamu alaikum Sadiya, ina wuni, ya karatu ya fama da jama'a. Ramatu ce, wadda muke zama layi ɗaya a ajin Sitatistiks, ɓangaren taga. Lambarki a guruf na ajinmu na ɗauka, na ga gara in yi miki magana ke kaɗai da in zuba a can, kin san halin guruf ɗin nan, kafin mutum ya samu amsa an rufe shi da sitika da tallan turare.

Wataƙila kin lura sati biyun nan ba a gan ni a Tek ba. Mma ce ba ta da lafiya, an kwantar da ita asibiti har sai da aka yi mata aiki, kuma ni ce babbar mace a gida, yayana yana Tamale wajen aiki, ƙannena kuma duk 'yan makaranta ne ƙanana, to jinya ta faɗo kaina. Alhamdulillahi an sallame mu ranar Juma'a, tana gida Aboabo yanzu, har ta fara shan koko da kanta tana yi mana faɗa, kin ga kuwa sauƙi ya samu. Gwaggona ta zo daga Ejura za ta zauna da ita, don haka jibi Litinin in sha Allahu zan dawo aji.

To abin da ya sa na dame ki, not nake nema, na sati na 6 da na 7. Kos ref ya tura min silaid duka, na gode masa, amma ke ma kin sani silaid ɗin malaman nan kanun magana ne kawai, ainihin abin yana bakinsu da kan allo. Kuma tun shekarar farko nake ganin yadda kike rubutu, ba ki barin misali ya wuce ki, har abin da malam ya faɗa a gefe kina sa masa tauraro. Shi nake so, rubutun hannunki. Ba duka kwasakwasan ba fa, uku ne kawai, sauran na samu wajen 'yar ɗakinmu.

Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne Sitatistiks, don na ji an ce akwai kwiz ranar Alhamis mai zuwa kuma maki 10 ne. Ni inda na tsaya, mun gama nomal distiribushan, muna canza lamba zuwa z da z = (x − μ)/σ muna duba tebur, wannan na riƙe shi da kyau. Bayan nan ne na ɓace. Lakca huɗu na rasa, Talata da Alhamis na sati biyun. A silaid na ga an shiga konfidens intabal, ga fomula nan x̄ ± 1.96 × σ/√n, kuma na gane 1.96 ta kashi 95 ce, 1.645 ta kashi 90, 2.576 ta kashi 99, wannan haddacewa ce ba wuya. Inda na maƙale shi ne lokacin da ake barin z a koma t. Littafin da na aro ya ce in ba a san σ ba sai a yi amfani da s a duba teburin t da n − 1, amma wata a hostal ta ce min malam ya ce in samfur ya kai 30 a ci gaba da z ko da ba a san σ ba. To wanne ya ce mu bi a jarrabawarsa? Don shi zai yi makin, ba mai littafin ba. In kin rubuta yadda ya faɗa da bakinsa, wannan shafin na fi buƙata a kan komai.

Sai misalan da ya yi a allo. An turo hoto ɗaya a guruf na wani lissafi mai n = 16, na ga 2.131 a ciki, na duba tebur na ga ita ce ta 15 a kashi 95, to nan na bi, amma wanda ya ɗauki hoton daga bayan aji ya ɗauka, kan wani ya rufe rabin allon, ban ga tambayar ba ban ga amsar ƙarshe ba. In kina da shi cikakke daga tambaya har amsa, don Allah ki haɗa min. Haka kuma ranar Alhamis ta ƙarshe na ji ya fara haifotesis, H0 da H1, ban san ko ya yi nisa ba ko gabatarwa kawai ya yi. Ki gaya min iyakar inda ya ce kwiz ɗin zai tsaya, kar in kwana ina karanta abin da ba zai fito ba alhali wanda zai fito yana nan ban taɓa shi ba.

Na biyu Maikuro. Nan lakca biyu ne, na Laraba. Layin bajet da indifirens kab ina aji aka yi, har inda ake cewa mai saye yana tsayawa a MRS = Px/Py. Abin da ya wuce ni shi ne raba tasirin canjin farashi gida biyu, na sauya kaya da na ƙarfin aljihu, hanyar Hicks da hanyar Slutsky. Wallahi na kalli zanen da ke silaid har idona ya yi ja, layuka uku sun hau kan juna ba a nuna wanne aka fara ja ba. Zanenki nake so, musamman in kin yi shi da biro kala biyu yadda kika saba, da kuma na kayan Giffen in ya zana. Kuma wai ya ba da asainmen na guruf? An ce mutum biyar biyar, a miƙa kafin midsem. Ban ga sunana a ko'ina ba. In naku bai cika ba ina roƙo ku sa ni, ba zan zama 'yar rakiya ba, taifin da haɗa aikin duka ku bar min tunda ina da laftof. In ya cika kuma ba komai, ki dai turo min tambayar yadda ya bayar da ranar miƙawa, sai in je in same shi a ofis.

Na uku Tattalin Arzikin Gana, wannan ba na gaggawa ba ne, ko ƙarshen sati ya yi. Mun tsaya a zamanin mulkin mallaka, koko da Tetteh Quarshie ya shigo da shi a 1879, tashar jirgin ruwan Takoradi ta 1928, hukumar sayen koko ta 1947. Daga jadawalin kos ɗin na ga ya kamata a ce kun yi zamanin Nkrumah da dam ɗin Akosombo, kun zo shirin farfaɗo da tattalin arziki na 1983 lokacin Rawlings. Shekarun duk zan samu a laburare, abin da ba zan samu ba shi ne ra'ayin madam, don kin san ta, tambayarta kullum "tattauna" ce, kuma in ba ka kawo hujjojin da ta jero a aji ba sai ta ja maka layi ta rubuta bai isa ba. In ta faɗi dalilan da take ganin masana'antun gwamnati suka durƙushe, ko abin da rage darajar sidi ya jawo wa manoman koko da 'yan kasuwa, su nake so. Kuma ko ta kai ga canjin kuɗi na 2007, da aka mayar da tsohon sidi 10,000 sabon sidi 1? Wata ta ce ta kai, wata ta ce a'a, na rasa ta wa zan kama.

Yadda za mu yi kuwa, duk wanda ya fi miki sauƙi. In hoto za ki ɗauka ki turo ta WhatsApp, don Allah ki tura ta Document kar ki tura ta Gallery, don in ta can ne hoton yana dushewa, ƙananan lambobi da alamomin fomula ba sa fitowa, kuma in da hali ki ɗauka da rana shafi ɗaya ɗaya. Na san zai ci data, zan tura miki ta momo kafin ki fara, kar ki ce a'a don Allah, ke ma ɗaliba ce kamar ni. In kuma kin ga ɗaukar hoton zai cinye miki lokaci, sai mu haɗu Litinin bayan azahar a masallacin makaranta, ki ba ni littattafan in ruga in yi fotokwafi a wajen get ɗin Ayeduase in dawo miki da su kafin la'asar. Ba za su kwana wajena ba, na san ke ma kina shirin kwiz ɗin nan. Ko ma mu je tare ki tsaya a kansu, ni ba zan ji haushi ba, na ga yadda mutane ke aron littafi su dawo da shi da man wake a jiki, in sun dawo da shi ma kenan.

Kar ki damu da cewa rubutun ya yi gaggawa ko akwai gajerce-gajerce, yadda yake haka nake so, ba sai kin sake kwafa ba. Inda ban gane ba zan yi alama in tara su in tambaye ki gaba ɗaya, ba zan riƙa kiranki kowane lokaci ba.

Wani abu ɗaya kuma, an yi ta zagaya takardar sa hannu a lakcocin nan? Ina da takardar asibiti ta Mma, ina so in kai dipatmen ranar Litinin da safe, amma ban san ko wajen sakatariya ake bari ba ko sai an ga jami'in jarrabawa. In kin taɓa ganin wanda ya yi ki faɗa min. Da kuma ko an sa ranar midsem, don har yanzu ban ga taimtebul ba, kuma CWA ɗina ba ta da ƙarfin da za ta ɗauki wani faɗuwa bana.

Ni kuma ina da tsofaffin tambayoyin jarrabawa na Maikuro da Sitatistiks da wata 'yar unguwarmu da ta gama ta bar min, wasu har da amsa a baya, zan zo miki da su Litinin ko kin ba ni not ko ba ki ba ni ba. In kuma akwai ranar da ke ma ba ki shiga ba, ki gaya min wace rana ce kawai sai in nemi wannan a wani wajen.

In lokaci ya ƙure miki, na Sitatistiks kaɗai ki fara turowa, ko zuwa gobe da dare, sauran su jira. Yau da dare zan iya yin shiru don an ɗauke mana wuta tun rana kuma cajina ya kusa mutuwa, in kin turo ba ki ga amsa ba wannan ne dalili.

Na gode ƙwarai 'yar uwa, Allah ya saka da alheri, ya ba mu sa'ar jarrabawa. Ki gaida mutanen ɗakinku.

Ramatu