Gyaran sashen ƙwarewa a takardarki ta neman aiki

Ƙanwata,

Na karanta takardar da kika turo mini, na kuma ɗora ta kusa da tallar aikin mataimakiyar akanta da kike nema. Ɓangaren karatu da na wuraren da kika yi aiki sun yi, ban taɓa su ba. Sashen ƙwarewa ne nake so ki sake shi daga tushe, domin yadda yake yanzu ya ɓoye abin da kika iya.

Bari mu fara da sandunan nan masu launi. Kin ba kanki kashi 90 cikin 100 a Excel, kashi 60 a QuickBooks, sai taurari uku cikin biyar a Faransanci. Kashi 90 na me? Wa ya auna, da wane ma'auni? Mai karantawa ba shi da hanyar sanin ko 90 ɗinki ya fi 70 ɗin wata, tunda kowa da nasa ma'aunin. Kuma ta kowane ɓangare ke ce da asara. Inda sandar ta kusa cika, kin gayyato tambaya mai tsauri ranar intabiyu, kuma duk wanda ya daɗe da Excel ya san faɗinsa ya wuce a ce an ci kashi 90 nasa. Inda ta tsaya a 60, da hannunki kin sanar da rauni a manhajar da tallar ta ambata da suna, alhali kullum da ita kike aiki. Ga wani abu kuma: kamfanoni da yawa suna karɓar takardu ta manhajar tantance masu neman aiki, wadda rubutu take tsinta, ba zane ba. Sandar hoto ce a wurinta, kuma idan sunan ƙwarewar yana cikin hoton, yana iya ɓacewa tare da ita.

Sai jerin nan: "mai aiki tuƙuru, mai gaskiya, mai iya sadarwa, mai son aiki da jama'a". Na shaide ki a kan duka huɗun, amma ni yayarki ce, shi kuwa mai ɗaukar aiki bai taɓa ganinki ba. Babu mai rubuta cewa shi malalaci ne, saboda haka waɗannan kalmomi ba sa raba ki da kowa. Halin kirki ana nuna shi ne da abin da ya faru. Kin gaya mini ke kika koya wa sababbin masu karɓar kuɗi biyu rufe lissafin yini, kuma ke kike bin rassa uku har su kawo rasidansu kafin ƙarshen wata. Wannan shi ne iya sadarwar, shi ne aiki da jama'ar. Ki sa shi ƙarƙashin aikin da kika yi shi, ki goge jerin.

Ki cire "amfani da intanet" da "aika imel", yau ana ɗauka kowa ya iya. Photoshop ma ya fita, ba ruwansa da wannan kujera.

Harshe yana da ma'aunin da aka sani, wanda Majalisar Turai ta fitar a 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2. Kina da takardar DELF, wato shaidar cin jarrabawar Faransanci, ki bar ta ta yi magana maimakon taurari.

Ga yadda nake so sashen ya zama:

Ƙwarewa
Lissafi: daidaita lissafin banki na wata-wata, bibiyar basussukan abokan ciniki, shirya jadawalin albashi, kula da ƙananan kuɗin ofis.
QuickBooks: shigar da rasidai da takardun biya, fitar da rahoton riba da asara, shekara 2 ina aiki da ita.
Excel: PivotTable, VLOOKUP, SUMIFS, haɗa rahoton rassa a shafi ɗaya.
Harsuna: Hausa, harshen uwa, Turanci, harshen aiki a rubuce da baki, Faransanci, DELF B1, 2023.

Na sa daidaita lissafin banki a gaba domin da shi tallar ta fara. Idan za ki rubuta shi a harshen tallar, ki ɗauki kalmominsu yadda suka rubuta su, muddin da gaske kin yi aikin. Wata talla daban kuwa tana iya sa ki sauya jerin.

Ban sa XLOOKUP ba ko da yake sun ambace shi, tunda kin ce ba ki taɓa amfani da shi ba. Wanda ya iya VLOOKUP ba zai sha wahalarsa ba. Ki gwada shi a kan lissafin watan jiya, idan hannunki ya faɗa sai ki ƙara shi. Ki turo mini sabuwar takardar kafin ranar Alhamis in sake dubawa.

Yayarki