Sanarwa ga sashen shigar da bayanai: duba abin da OCR ya karanto daga inbois

Salamu alaikum, 'yan uwa.

Ranar Talata na ɗauki inbois 40 daga cikin waɗanda manhajar OCR, mai ciro rubutu daga hoton takarda, ta karanta, na sake buga su da hannu, na gwama harafi da harafi. Cikin haruffa 6,000 na samu kuskure 54. Haka ake lissafin yawan kuskuren haruffa, wato CER:

```
CER = (S + D + I) / N
```

S haruffan da aka musanya ne, D waɗanda suka ɓace, I waɗanda aka ƙara, N kuma yawan haruffan takardar asali. Namu ya ba da 0.9 cikin 100. A ido kamar babu laifi, amma inbois 7 cikin 40 ɗin kuskurensu ya faɗa ne a kan lambar inbois, kwanan wata ko jimillar kuɗi. Wannan ne ya hana ni sakewa. Harafi ɗaya ya goce a adireshi, da sauƙi. Ya goce a jimilla, mun biya abin da ba shi ne ba. Saboda haka daga yau za mu riƙa ƙirga guraben da suka fito daidai ɗungurungum, ban da ƙirgen haruffa.

Wanda ya fi ba mu wahala shi ne sifili da harafin O. Takarda ta ce `INV-20417`, manhaja ta kawo `INV-2O417`. Ido ba ya kamawa, amma ga kwamfuta lambobi biyu ne daban, don haka idan an sake turo inbois ɗin ba za ta gane maimaici ba ne, sai a biya sau biyu. A wajen kuɗi abin ya fi muni: `1,5O0.00` Excel rubutu yake ɗaukarsa, `SUM` kuma ya tsallake shi shiru, ba gargaɗi. Ku gwada gurbin kuɗin, misali D2, da `=ISNUMBER(D2)`. Idan ya ce `FALSE`, a koma ga hoton.

Sauran masu kama da juna: `1` da `l` da `I`, `5` da `S`, `8` da `B`, `2` da `Z`, sai `rn` da ke komawa `m`. Waƙafi da ɗigo ma suna musanya wuri, musamman inda hatimi ya hau kan adadi.

Kafin ku amince da kowane inbois, ku ninka yawan kaya da farashi: 12 sau 125 dole ya ba da 1,500. Ku tara layukan, ku ƙara haraji, ku ga ko ya zo daidai da jimilla. Don Allah kada makin tabbaci da manhaja ke nunawa ya sa ku tsallake wannan. Na ga 96 a kan kalmar da ba daidai ba.

Kada kuma a bi kowane O a mai da shi sifili, akwai lambobin kaya da O na gaske ne a cikinsu. Takardar da ta dushe a sake sikanin ɗinta a 300 dpi, a miƙe. Wadda har yanzu ba ta karantuwa, kada ku yi cinta, ku kawo mini teburina kafin ƙarfe 3.

Na gode.
Shugabar sashe