Lissafin Martanin Buƙata ga Sauyin Farashi: Misali daga Cinikin Zoɓo

Ma'aunin martanin buƙata, wanda masanin tattalin arziki Alfred Marshall ya fayyace a 1890, yana nuna yadda masu saye ke ja da baya idan kaya ya ƙara kuɗi. Mu ɗauki misalin wata mata mai sayar da zoɓo a bakin tasha, wadda ta gwada farashi uku a makonni uku, tana rubuta cinikin kowace rana.

| Farashin gora (naira) | Gorunan da aka saya | Kuɗin ciniki (naira) |
|---|---|---|
| 200 | 120 | 24,000 |
| 250 | 110 | 27,500 |
| 300 | 80 | 24,000 |

Kuɗin ciniki shi ne farashi sau adadin da aka sayar. Za mu bi hanyar tsaka-tsaki, wato a raba kowane sauyi da matsakaicin lambobin biyu, inda Q ke nufin adadi, P kuma farashi:

```
E = [(Q2-Q1) / ((Q1+Q2)/2)] / [(P2-P1) / ((P1+P2)/2)]
```

Daga naira 200 zuwa 250, adadi ya ragu da 10, matsakaicinsa 115, wato kashi 8.7 cikin ɗari. Farashi kuma ya ƙaru da 50, matsakaicinsa 225, wato kashi 22.2. Idan aka raba, amsar ita ce 0.39, bayan an ajiye alamar ragi kamar yadda aka saba. Da yake amsar ba ta kai 1 ba, masu saye ba su gudu sosai ba, shi ya sa ciniki ya haura da naira 3,500.

Daga 250 zuwa 300 labari ya sha bamban: 30 bisa 95 kashi 31.6 ne, 50 bisa 275 kuwa kashi 18.2, amsar ta zama 1.74. Ta zarce 1, ma'ana cinikin da aka rasa ya rinjayi ƙarin kuɗin da aka yi, mai yiwuwa saboda a wannan farashi fasinja ya gwammace ya sayi kunun zaki ko ruwan leda. Ciniki ya koma 24,000.

Abin lura yana tsakanin layin farko da na ƙarshe. A nan 40 bisa 100 kashi 40 ne, 100 bisa 250 shi ma kashi 40, amsar 1 cif, kuɗin ciniki kuwa bai motsa ba. Da mun raba da lambobin farko kaɗai, da mun sami 0.67, amsar da za ta sa mu zaci ciniki ya ƙaru alhali teburin ya ƙaryata hakan, kuma wannan ne dalilin da ya sa na fifita hanyar tsaka-tsaki idan tazarar farashi tana da faɗi.

Sai dai ciniki daban, riba daban. A naira 300 gora 80 kawai za ta haɗa, saboda haka kuɗin sukari, citta da ƙanƙara zai ragu. Lissafin kuma ya ginu ne kan cewa farashi kaɗai ya sauya. Idan makon ƙarshe ya faɗo cikin sanyin hunturu, ba za a ɗora wa farashi dukkan raguwar ba.